Buhun shinkafa 5 sun ɓace mana a takarda, ba a sito ba

Salam 'yan'uwa. Ina riƙe da sitonmu na kayan tallafi a nan Daura, kaina ya ɗaure.

Mota ta kawo shinkafa, takardar direba ta ce buhu 400 mai kilo 25, muka ƙirga muka sa hannu. Amma 14 ruwan sama ya jiƙa su a hanya, har sun fara wari, sai muka zazzage, muka shanya mai kyan, muka sake ɗurawa ya ba mu buhu 9. Kuskurena ban rubuta lalacewar a takardar karɓa ba, na ce sai gobe, goben nan ce ta jawo min. Yanzu katin sito na cewa 400 sun shigo, takardun fitarwa da dangwalen masu karɓa sun tsaya a 395, sito kuma wayam.

Na sake ƙirga dangwale sau uku, na bi kowace takardar fita, lissafi ɗaya. Na so in gyara takardar karɓa, oga ya ce kada in kuskura in taɓa abin da direba ya sa wa hannu, kuma gaskiyarsa.

To wace takarda zan cike a yau da za ta nuna 14 sun koma 9, mai bincike ya yarda ba sata ba ce?