Dila ya kawo lemo mai araha amma wa'adinsa ya fi na cikin sito kusa, in karɓa?

Sani Agege: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a kan sari nan Agege. Yau 2 ga Yuni, ina da katan 40 na lemon kwali a sito, wa'adinsu ƙarshen Nuwamba. Dilana ya zo da katan 60 iri ɗaya, ya rage min naira 1,500 a kowanne, sai da na duba gefen katan na ga EXP 09, wato wa'adinsu Satumba ne. Katan biyar nake fitarwa a mako. In karɓa? In na karɓa wanne zan fara fitarwa? Kuma littafi ya isa bin ranakun nan ko sai na sayi manhaja?

Ɗan Alaba: Wa alaikumus salam. Ka'ida ɗaya ce tun zamanin iyayenmu, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita. Ƙarar da arba'in ɗinka tukuna.

Malam Habu mai sito: Ɗan Alaba, a wannan karon ka'idar za ta ci masa kuɗi. Ranar lalacewa ake bi, ba ranar shigowa ba. Sani, ɗauki biro. Masu ƙananan shaguna ba sa karɓar lemon da ya rage masa ƙasa da wata guda, ke nan na Satumba dole ya bar hannunka kafin ƙarshen Agusta, mako 13 daga yau. In ka fara da tsohon, zai ci maka mako takwas, saura biyar, katan 25 kawai za ka fitar daga sabon, 35 su kwana a kanka. In ka fara da sabon, sittin za su ƙare a mako 12, sannan arba'in ɗin su ɗauki mako takwas, ka gama wajen 20 ga Oktoba, kwana goma kacal kafin su ma su shiga watansu na ƙarshe. Lissafin ya fita, amma da kyar, ga shi damina ce, lemo ba ya gudu kamar lokacin zafi. Ni da ni ne 40 zan karɓa.

Hajiya Idi-Araba: Ɗana, kar ka karɓi ko ɗaya. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Madarar gari ce ta gwangwani. Yaron shagona in mota ta sauke kaya, inda ya samu fili a bakin ƙofa nan yake jibgewa, in mai saye ya zo ya miƙa hannu ya ɗauko na kusa. Wata da watanni ana haka, ni kuma ina duba littafi ina ganin adadi daidai. Ranar da ruwa ya shigo mana muka fitar da komai, sai ga katan 23 manne da bango, kwalin ya yi laushi, gindin gwangwanayen ya yi tsatsa, wa'adi ya wuce da wata huɗu. Na kira dila, ya ce in nuna masa shaidar cewa daga wurinsa wannan rukunin ya fito. Rasit ɗin babu komai sai sunan kaya da adadi. Mutumin da muka yi shekara shida muna ciniki ya kalle ni ya ce ba nasa ba ne.

Maman Walid: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Yaron fa?

Hajiya Idi-Araba: Amin. Yana nan, ban kore shi ba, ni ce ban taɓa nuna masa inda ake duba rana ba. Yanzu kowane katan kafin ya shiga sai an rubuta watan lalacewarsa da jar maka, ƙato, a gefen da ke kallon hanya. Kuma komai a kan katako yake, da tazarar tafin hannu daga bango.

Bala Direba: Hajiya da kin kira ni, mai shayin tasharmu ba ya karanta gwangwani 😂

Malam Habu mai sito: Bala, bar wannan ko da wasa, ciki ne na mutane, kuma kayan da wa'adinsu ya wuce in NAFDAC ta same su a kanta rufe shago ne. Labarin Hajiya ya nuna inda littafi yake yaudara. In ka rubuta "madara, katan 80" a layi ɗaya, ba ka san komai ba. Kowane rukuni layinsa daban: lambar rukunin da ke gaban haruffan BN a jikin katan, ranar EXP, adadin da ya shigo, adadin da ya rage. Kuma ka sa dila ya rubuta lambar a rasit kafin ka sa hannu.

Auwal Kwamfuta: Littafi ya wuce yayi. Akwai manhaja, dubu 15 a wata, tana turo maka saƙo saura kwana 30.

Ɗan Alaba: Wace dubu 15? Ni dubu 120 na biya sau ɗaya har da na'urar karanta zanen lamba. Tana can cikin durowa.

Maman Walid: Ni ko sisi ban biya ba. Ƙanina ya yi min a Excel a waya, ranar lalacewa a layin D, sai wannan ya ba ni kwanakin da suka rage:

```
=D2-TODAY()
```

Duk Litinin in jera daga ƙarami zuwa babba, na sama su nake turowa gaba.

Malam Habu mai sito: Na Maman Walid ya ishe ka, Sani. Zanen lambar da ke jikin kwalin lemo irin kaya kawai yake faɗa, na Satumba da na Nuwamba zanensu ɗaya ne. Ko ka sayi na'ura sai wani ya zauna ya shigar da ranar da hannu.

Auwal Kwamfuta: Malam, da girmanka, sito na kamfani ka riƙe inda ake da ma'aikata goma. Mai yaro ɗaya yaushe zai zauna cika layi?

Ɗan Alaba: Kai kuma ka taɓa sayar da ko katan ɗaya? Manhajar kake talla.

Auwal Kwamfuta: Shagon yayana ni nake riƙe masa lissafi shekara uku.

Sani Agege: Don Allah a yi haƙuri. Malam Habu, EXP 09 ɗin nan farkon wata ne ko ƙarshe? Kuma dilan ya ce ragin na mai ɗaukar sittin ne gaba ɗaya.

Malam Habu mai sito: In wata da shekara kawai aka buga, ƙarshen wata ake ɗauka. Amma farke katan ɗaya ka duba saman kwalin, sau da yawa cikakkiyar rana tana can. In ka ga 5 ga Satumba, lissafina na ɗazu ya rushe, mako tara ne gare ka ba 13 ba.

Maman Walid: Gara ku masu lemon kwali. Mu masu yogot ranar da ke jikin roba ba ta aiki sai da sanyi. Makon jiya kwana biyu babu wuta a layinmu, robobi suka kumbura alhali saura kwana goma a rubuce. Wa zan kai wa ƙara?

Hajiya Idi-Araba: Kuma a ƙarshen wata su kawo takardar kuɗi kamar an sha wutar. Nawa suka rubuto miki?

Bala Direba: Mu a Agege taransifoma ce ta ƙone tun azumi, an tara kuɗi gida-gida sau biyu.

Sani Agege: Na farke, 28/09 ne. Dilan zai dawo da la'asar, ya ce in sittin sun yi min yawa in nemi wanda za mu raba. Akwai mai son ashirin a kusa da Agege?