Labarina ya maƙale a bakin gardama, ku ba ni shawara

Sabuwar Marubuciya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gajeren labari nake rubutawa na wata gasa, iyakarsa kalmomi 1,500, kuma lokaci ya ƙure mini. Wata tsohuwa ce mai zanen bango, da yarinyar da take koya wa, wadda ta fara tambayar me ya sa kullum sai zanen kakanni. Halin tsohuwar daga kakata na ɗauko shi, Allah ya jiƙanta. Ita ba zane take ba, saƙa take, amma takan warware aikin wuni guda saboda zare ɗaya ya kauce, mu kuwa muna gefe muna jin haushi, sai da ta rasu muka san darajarta. To yanzu na cinye fiye da rabin kalmomin su biyun suna ta musu, wannan ta faɗa waccan ta mayar, na rasa wa zan bai wa gaskiya. Ina tunanin tsohuwar ta mutu a ƙarshe, yarinyar ta yi nadama. Ya kuka gani?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun daga tushe akwai gyara. Adon bango aikin magina ne, magina kuwa maza ne. Ki mayar da ita tsoho kawai, yarinyar ta zama yaronsa, ki huta.

Anti Mai Jan Biro: Malam, rabin maganarka gaskiya ce. A gine-ginen Zariya da Kano maza ne ke yi, amma duniya ba nan ta tsaya ba. A Tiebele da ke kudancin Burkina Faso mata ne ke zana bangon gidaje, har UNESCO ta sa fadar sarkin garin cikin kayan tarihin duniya a 2024. A Sirigu da ke arewacin Ghana ma mata ne ke yi. Don haka a bar mata tsohuwarta.

Ke kuma 'yar'uwa, ba rashin ƙarshe ke damunki ba. Na karanta bayaninki, na san kakarki sarai, amma ban san bangon ba. Na laka ne ko na siminti? Da me take zanen? Wane lokaci ne na shekara? Muddin ba ki amsa waɗannan ba, mutanenki ba su da abin yi sai surutu, shi ya sa suke ta musu.

Sabuwar Marubuciya: Anti, da gangan na bar wurin babu suna, ina so kowa ya ga garinsu a ciki. Kuma na rubuta cewa tana riƙe da buroshi da fenti, ina ganin ya isa. Saƙon ne ya fi mini muhimmanci.

Anti Mai Jan Biro: Bai isa ba. Idan tsohuwar ma fentin kanti take shafawa, to me yarinyar za ta yi wa tawaye? Ki bar garin babu suna, ba laifi, amma ki san aikin. Matan da na ambata da rani suke yi, kafin damina ta faɗi. Sukan yaɓe bango da laka da aka kwaɓa da kashin shanu, su bi da jar ƙasa, su yi zanen tun yaɓen da danshinsa. Baƙi daga dakakken dutse yake, fari daga farar ƙasa, a Tiebele har da gashin zabuwa ake ja layi. Sai a bi da ɗan dutse mai santsi a goge har bangon ya yi sheƙi. Daga ƙarshe a dafa ɓawon ɗorawa, makuba ke nan, a yayyafa ruwan don ya tsare zanen daga ruwan sama. Duk da haka bayan 'yan shekaru sai an sake.

Kin ga inda gardamar take? Yarinyar ba sai ta ce "al'ada ta tsufa" ba. Tambayarta ita ce: don me za mu kashe kanmu a kan abin da damina za ta cinye? Wannan tambaya ce mai nauyi, tsohuwar ma sai ta yi shiru kafin ta amsa.

Da ni ce, ga yadda zan yi. In buɗe da hadari ya fara haɗuwa, saura bango ɗaya. Tsohuwar hannunta ya fara rawa, layinta ya karkace, tana sane, yarinyar ma ta gani, babu wanda ya ce uffan. Yarinyar ta ɓoye gwangwanin fentin mai a ƙarƙashin tabarma. Da tsohuwar ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, sai yarinyar ta zana nata a kusurwar ƙasa. Fentin mai a kan laka mai danshi ba ya zama lafiya: yana toshe danshin a ciki, ya kumbura, ya ɓare ya tafi da fatar yaɓen. Da safe tsohuwar ta sa farce ta ɗaga gefensa, ya biyo hannunta. Amma siffar da yarinyar ta zana, sai ta tsaya ta daɗe tana kallonta. Musun nan naki duka ya koma jimla uku ko huɗu.

Maman Biyu: Ni dai wannan labari ya taɓa mini ciwo. Yarinyar da na koya wa ɗinki, tun ba ta iya zura zare a allura ba, da ta ga ta iya sai ta buɗe shago tana cewa yayina ya wuce, har kwastomomina ta janye. Don Allah ki bar ta ta yi nadama, ta yi kuka sosai. Yaran yanzu su karanta su ji.

Ɗan Aji Uku: Maman Biyu, Allah ya huci zuciyarki, amma labari ba kotu ba ne. Anti, da girmamawa, naki tsarin ma tsohuwar ya bai wa nasara, tunda fentin ne ya ɓare. Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, haifaffiyar 1935, a wurin mahaifiyarta da kakarta ta koyi zanen ƙabilar Ndebele, amma da fentin zamani ta shahara, har motar BMW ta zana a 1991. Wa zai ce ta zubar da gado? Kuma idan gidajen garin sun fara komawa siminti, jar ƙasar tsohuwar ce ba za ta kama ba. Ni zan so a kira su aiki a sabon gida na bulo, tsohuwar ce za ta tsaya ba ta san ta inda za ta fara ba.

Anti Mai Jan Biro: Wannan wani labarin ne daban, ɗana, ka rubuta shi da kanka. Kalmomi 1,500 ba za su ɗauki bango biyu ba. Kuma ka sake karantawa: kayan aikin yarinyar ne suka gaza, idonta bai gaza ba. Mutuwar dai nake roƙo a cire. Duk alƙalin da ya ga tsohuwa a layin farko ya riga ya hango likkafani.

Sabuwar Marubuciya: Na gode muku duka. Zancen makuba zan sa, ban taɓa sani ba. Amma mutuwar ba zan iya cirewa ba gaskiya, don ita ce dalilin da na fara rubutun, haka ta faru da mu. Musun kuma akwai wurare biyu da duk wanda na karanta wa sai ya yaba, ban ga yadda zan yanke su ba.

Baban Yara: Har yanzu ina nan a kan bakana, tsoho ya fi dacewa.

Ɗan Aji Uku: To turo mana wurare biyun mu gani. Kuma ba ki faɗa ba har yanzu, ta bakin wa ake ba da labarin, tsohuwar ko yarinyar?