Bidiyon ɗaukar ɗalibai: me zan sa a farko?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Shugaban makarantarmu ya ɗora min haɗa bidiyon sakan 30 na ɗaukar sababbin ɗalibai. Na buɗe da tambarin makaranta yana juyi sakan 5, sai jawabinsa. Waɗanda na tura wa ba su kai ƙarshe ba. Don Allah me zan sa a farko, me kuma zan rubuta a jiki?

Kawu mai kyamara: Wa alaikumus salam Malama. Ki kai tambarin ƙarshe. Mai kallo babban yatsansa na kan waya, sakan 2 ko 3 ya ba ki, kuma sau da yawa a kashe sautin yake. Ki buɗe da yarinya 'yar aji ɗaya a kusa, yatsanta na bin layin littafi tana karantawa. Tun hoton farko rubutu ya riga ya fito, kamar "Aji ɗaya take, tana karatu da kanta", in dai gaskiya ne. Kada ki bari ya shigo a hankali, domin in an tura bidiyo ta WhatsApp hoton farkon ake gani kafin a danna. Daga sakan 3 sai "An fara sayar da fom", da sunan unguwa. Uwar da ke Hotoro tana so ta sani da wuri ko makarantar a Kurna take.

Abban Sadik: Ni dai ina ganin wayar ce. Ki ari iPhone.

Kawu mai kyamara: Alhaji, ko da kyamarar fim aka ɗauki tambari, wuce shi za a yi.

Anti Rabi: Ki rubuta komai a allo, azuzuwa, Islamiyya, motar ɗaukar yara, kuɗin makaranta, tunda ba sauti.

Kawu mai kyamara: A rubuta, amma ɗaya bayan ɗaya, Anti. Layi biyu, kalma shida ko bakwai. Ki karanta a fili sau biyu, in ya ɓace kafin ki gama, ya yi sauri. Kuma ya zauna a tsakiya ko sama kaɗan, don TikTok na rufe ƙasa da gefen dama. Lambar waya a raba ta huɗu, uku, huɗu, ta tsaya sakan 5.

Malam na firamare: Bara na zaɓi wani salon rubutu mai ado, ashe ba shi da ƙ da ɗ. "Ɗalibai" ya fito da akwati a gaba, sai da ya zaga gari na lura. Ki gwada harufan tukuna. Kuma ki nemi izinin iyayen yarinyar, wani uba ya sa mun sauke namu.

Anti Rabi: Kuɗin fa? Ba na kiran makarantar da ta ɓoye shi.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Kuɗin kam shugaba ya ce kada a sa. Gobe zan gwada masa maganar kuɗin fom kaɗai.