Neman shawara: yadda zan rubuta kanu da bayanin neman taimakon rijiyar ƙauyenmu

Usmanu (Gadarif):
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ƙungiyarmu ta matasa ce ta ɗora mini rubuta takardar neman taimako don a haƙa rijiyar burtsatse mai sola a ƙauyenmu, kudu da Gadarif a gabashin Sudan. Ni ban nemi aikin ba. Da baffana ne sakatare, sai aka yi saɓani da shi a kan kuɗin riɗin gonar ƙungiya na bara, ya ajiye, aka ce ni na yi karatu in karɓa, har yanzu ma ba ma gaisawa sosai da 'ya'yansa. Hafirarmu, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, tana ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, daga nan sai sayen ruwan barmil, wato ganga, a wurin masu amalanken jaki. Kanun da na sa shi ne: "Ku Taimaki Bayin Allah Da Ƙishirwa Ke Kashewa". A ƙasa na kawo hadisi, na yi bayanin wahalar mata da yara, na sa lambar Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum. Na tura wa mutane da yawa, kowa sai ya ce Allah Ya ba da lada, kuɗi kuwa shiru. Ina laifin yake? Ranar Juma'a za a zauna, ban san me zan gaya wa dattawa ba.

Injiniya Bashir (Kassala):
Wa alaikumus salam. Usmanu, laifin ya fara tun daga kanun. Tun da aka fara yaƙi a Afrilun 2023 babu wayar da ba ta cika da irin wannan kalami ba, na gaskiya da na ƙarya duk da murya ɗaya suke kuka. Wanda ya ga naka ba shi da hanyar da zai raba shi da na ɗan damfara. Kanu abu uku ya kamata ya faɗa: me za a yi, a ina, nawa ake nema. Amma kafin in ba ka misali, gida nawa ne a ƙauyen? Nawa ne kuɗin aikin? Lambar Bankak ɗin sunan wa take fitarwa? Ka ba mu labarin baffanka, waɗannan ba ka faɗa ba.

Usmanu:
Yaya Bashir, gida kusan 300 ne, mutum wajen 2,000. Mai injin ya ce komai da komai dala 18,000: awon ƙasa 800, haƙa da bututu 9,000, famfo da faifan sola 5,000, tanki da wurin ɗiba 3,200. Mun tara kwatankwacin dala 2,000 bayan girbi. Asusun na ma'ajinmu ne, mutumin kirki ne, limami ma yana ba shi ajiya.

Injiniya Bashir:
To ka ga, abin da ya fi komai ƙarfi a hannunka shi ka ɓoye. Mutanen ƙauye sun tara dala 2,000 daga guminsu, ba ka rubuta ba. Ni da zan sa kanun haka:

"Rijiyar burtsatse mai sola don gida 300 a kudancin Gadarif: mun tara dala 2,000, saura 16,000"

Ka sa sunan ƙauyen da ƙaramar hukumar a fili, don duk mai ɗan'uwa a yankin ya buga waya ya tambaya. Sannan layin farko na bayanin ya faɗi inda kuke shan ruwa yau, watan da hafirar ke ƙafewa, nisan wurin da ake ɗebowa, da kuɗin barmil a makon da ka rubuta. Bayan wannan ka jera kuɗin nan kashi huɗu kamar yadda ka jero mini. Ka bar lissafin a dala, ka sa ranar da aka yi shi, domin fam ɗin Sudan ba ya kwana inda ya wuni. Idan ka rubuta da fam, bayan wata biyu za ka dawo ka ce kuɗin bai isa ba, mutane kuma su ce an ci.

Sai abin da nake so ka kula da shi sosai. Kada ka rubuta cewa matsalar ruwa za ta ƙare. Yi lissafi da ni. A ce rijiyar ta ba da lita 5,000 a awa, wannan ma sa'a ce. Sola ba ta aiki da ƙarfi sai kamar awa shida a yini. Lita 30,000 ke nan. Raba wa mutum 2,000, kowa lita 15, wato mafi ƙarancin abin da hukumomin agaji ke ƙiyastawa na sha da girki da ɗan wanki. Ba a sa dabba ko ɗaya ba, alhali saniya guda a zafin Afrilu tana shan fiye da lita 30. Don haka ka rubuta: ruwan sha da girki ne na gidaje, dabbobi za su ci gaba da hafira. Wanda ya karanta wannan zai gane cewa masu aikin sun zauna sun yi tunani.

Hajiya Rabi (Jidda):
Injiniya, ka mai da abin kamar takardar kwangila. Mu mata da muke cire riyal hamsin hamsin a biki da suna, ba lita ke motsa mu ba. A bar hadisin nan na Sa'adu ɗan Ubada da ya haƙa rijiya don mahaifiyarsa, mutane da yawa don iyayensu da suka rasu suke bayarwa. Kuma a sa hoto. Ɗana Usmanu, ka turo mini in zagaya da shi gidajen 'yan'uwa, ni zan tattara maka.

Sani (Makka):
Hajiya, don Allah kada ki yi haka. A nan Saudiyya doka ba ta yarda mutum ya tara kuɗin taimako ba sai hukuma ko ƙungiya mai lasisi. Na cikin gida ta irin su dandalin Ihsan na gwamnati ake bayarwa, na ƙasashen waje kuma ta cibiyar agaji ta Sarki Salman. Ana cin tara, ana ɗauri, baƙo kuma ana iya korarsa. Ke ki aika wa danginki abin da Allah Ya hore miki, amma yawo gida gida da takarda da lambar asusu, a'a. Usmanu, kai ma kada ka sa sunan wani mazaunin nan a matsayin mai karɓa.

Hajiya Rabi:
Shekara nawa muna haɗa gudummawa ba abin da ya same mu. Amma na ji.

Injiniya Bashir:
Hadisin ya zauna, ban ce a cire ba, amma layi ɗaya a ƙarshe, ba sakin layi uku a farko ba. Hoto kuma na hafirar da ta ƙafe da layin jarkoki, da ranar da aka ɗauka. Ba fuskar yaron wani yana kuka ba.

Kawu Garba (Mai Wurno):
Ni duk wannan kanu da bayani ba su dame ni ba. Wata ƙungiya ta zo ƙauyen surukaina, aka kafa allo, aka yanka rago, aka ɗauki hoto. Damina ɗaya famfon ya tsaya. Ƙaramin akwatin nan na lantarki ne ya ƙone, babu mai kuɗin sayensa, babu wanda ya san inda ake sayarwa, lambar da ke kan allon ba ta shiga. Yanzu tankin tantabaru ne a kai. Ni ko sisi ba na ƙara bai wa masu rijiya. Ku yashe hafirarku kawai, ita ba ta da akwati.

Injiniya Bashir:
Kawu, ai maganarka ita ce sakin layin da Usmanu bai rubuta ba. Dole bayanin ya faɗi wa zai riƙe rijiyar bayan mai injin ya tafi: kwamitin mutum nawa, mata nawa a ciki, nawa za a riƙa biya a kan jarka, kuɗin ina zai zauna, wa zai yi gyara. Wasu suna jin kunyar rubuta cewa za a sayar da ruwan sadaka. Ni a wurina wanda ya ce kyauta ne har abada shi nake zargi. Yasar hafira kuma aiki ne mai kyau, amma ruwanta mutum da dabba ke sha, kuma ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Gadarif a 2023 ba.

Usmanu, na ga ka sa awon ƙasa a cikin kuɗin da ake nema. Wato ba a yi ba ke nan?

Usmanu:
Ba a yi ba tukuna. Amma akwai ruwa, ƙauyen da ke gabas da mu sun haƙa sun samu, tafiyar awa ɗaya ce a kan jaki. Mai injin ma ya zo ya duba ya ce in sha Allahu.

Injiniya Bashir:
Mai injin da mita ake biyansa, ko ya samu ruwa ko bai samu ba. Ka karanta yarjejeniyarsa. Ƙasar Gadarif ba irin ta bakin kogi ba ce, a wurare da yawa dutse ne a ƙarƙashin baƙar laka, ruwan a tsaguwar dutsen yake. Nan a samu, can kusa a haƙa a tashi a banza, ko a samu mai gishiri. Ba don haka ba me zai sa garin Gadarif kansa ya jawo ruwa daga Shuwak, can bakin kogin Atbara? Kuna da dala 2,000. Ku cire 800 ku yi awon yanzu, sannan ka rubuta: an auna rana kaza, ana sa ran ruwa a zurfi kaza, ga takardar. Awon ma ba tabbaci ba ne, saboda haka ka ƙara layi ɗaya: idan rijiyar ta fito busasshiya ko gwaji ya nuna ruwan bai shawu ba, kuɗin sola da tanki ba za a taɓa su ba sai an sanar da masu bayarwa. Kuma kada ka yi alkawarin gamawa a damina, daga Yuli zuwa Oktoba motar haƙa ba ta shiga lakar nan.

Usmanu:
Yaya, idan na rubuta cewa mai yiwuwa ba a samu ruwa ba, wa zai ba da kuɗinsa? Ni ina ganin wannan korar mutane ne. Kuma dattawa ba za su yarda a taɓa kuɗin nan don awo ba, sun ce na tubali ne. Maganar asusu kuma, rajistarmu ta hukumar agaji ta ƙare, sabuntawa sai an yi ta zirga-zirga, shi ya sa muka yi amfani da na ma'aji.

Malam Haruna (Damazin):
Wani abu da ba a taɓo ba. Na ga takardar da aka turo, an rubuta "ana karɓar zakka da sadaka". A cire zakka. Mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, ba su ga a gina rijiya ko masallaci da zakka ba, ta kason nan takwas ce da ke cikin suratut Tauba. Akwai na zamani da suka sauƙaƙa, amma kada ka jefa mutum cikin shakkar zakkarsa. Ka ce sadaka mai gudana, ya wadatar.

Sani:
Malam, ni na ji wani babban malami ya halatta idan duk masu shan ruwan talakawa ne.

Malam Haruna:
Gida 300, babu mai garken shanu ko ɗaya?

Injiniya Bashir:
Usmanu, a kan asusu ba zan sassauta ba. Mutum ya ga sunan ƙungiya a sama, ya zo turawa waya ta nuna masa sunan wani mutum guda, nan take zai fasa. Limaminku ya san ma'aji, mai bayarwa a Port Sudan bai san shi ba. Idan rajistar ba za ta samu da wuri ba, aƙalla ka faɗi gaskiya a bayanin: asusun na ma'aji wane ne, mutum uku ke duba shi, duk ƙarshen wata za a fitar da abin da ya shigo da rasit ɗin abin da ya fita.

Usmanu:
Na gode kowa da kowa. Kanun zan canza, zakkar ma zan cire. Amma maganar busasshiyar rijiya gaskiya ba zan iya kai ta gaban dattawa ranar Juma'a ba, za su ce baki nake yi wa aikin. Ba yadda za a rubuta ta a sassauce?

Hajiya Rabi:
Ka rubuta "in Allah Ya yarda" kawai, kowa ya gane.

Kawu Garba:
A allon nan na ƙauyen surukaina ma haka aka rubuta.