Baƙo ya ce na yi mashi ƙari a takardar kuɗi

Hajiya Balki: Salamu alaikum. Ina da ɗan masauki a Mabera. Wani Bature da ya zo bincike jami'ar Ɗanfodiyo ya kwana 3, ɗaki naira 40,000. Shi 120,000 ya ƙirga, ni kuma na miƙa mashi 141,000: kuɗin hidima kashi 10, wato 12,000, da harajin bat, wato VAT, kashi 7.5, 9,000. Ya biya, amma rai a ɓace. Abokansa 5 na tafe wata mai kamawa. In narkar da komai cikin kuɗin ɗaki, ko in ci gaba da rarrabawa?

Abu Illela: Hajiya, Nasara ba ya son naira. Yi mashi da dala.

Malam Sanusi: A'a, Abu. Babban Banki ya hana sa farashi da kuɗin waje a cikin gida. Hajiya, matsalarki lokaci ce. Tun ranar da ya kama ɗaki ki faɗa mashi 47,000 ne kwana, komai a ciki. A takardar kuma ki rarraba, layi-layi, ya ga na gwamnati daban, na ma'aikata daban. In ya nemi dala, rubuta a gefe tare da canjin ranar, ki ce kwatance ne.

Kabiru Akanta: Lissafin ma da gyara. Kashi 7.5 a kan 132,000 ake ɗorawa, bayan an sa hidima. 9,900 ke nan.

Malam Sanusi: Shekarata 12 a kantar masauki, kan kuɗin ɗaki muke ɗorawa.

Kabiru Akanta: Daɗewa ba hujja ba ce, Malam. Har 2020 kashi 5 ne, akwai masu rubuta shi har yau.

Inna Rabi: Ku bar zancen Turawa. Ni Hausawa 'yan'uwana suka kusa kashe ni. Wasu 'yan Ƙonni ta Nijar suka yi odar abincin biki, muka yi ciniki a waya, na ce dubu ɗari ukku. Matar ta ce jikka nawa ke nan. Ɗana ya raba da 200, don mu jaka ɗari biyu ce. Ashe su jikka sefa 1,000 ce, kuma in sun ce ɗari, sefa 500 suke nufi, da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Ran biya kowa da lissafinshi, har da rantsuwa. Naman rago biyu na yi asara. Yanzu ko maƙwabci ne sai na rubuta lamba, na sa NAIRA da manyan baƙaƙe.

Abu Illela: Kun gani, ai na ce dala!

Inna Rabi: Ba waccan dalar ba, ɗan nan.

Hajiya Balki: To 9,000 ko 9,900?

Nasiru: Ni fa katinsu ne damuwata. Sau biyu na'urar cire kuɗi tana ƙin katin waje, banki ya ce a jira, baƙo kuma jirginshi na Abuja da safe. Wa ke da bankin da tashi ke karɓa?