Yaya zan tuna masa kuɗin aikina ba tare da na ɓata hulɗarmu ba?

Jama'a, ina neman shawara. Na tsara wa wani kamfani tambari, muka yi yarjejeniya a rubuce: rabin kuɗi kafin aiki, ragowar cikin kwana 30 bayan na miƙa. Wa'adin ya wuce. Na tura saƙon tuni, aka ce takardar tana wurin akanta, daga nan shiru. Tambarin kuwa tuni yana kan kayansu, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ga abin da na shirya turawa:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tunatar da kai ragowar kuɗin aikin tambari, wanda lokacin biyansa ya wuce. Na sake haɗo takardar neman biya da lambar asusuna. Don Allah a biya kafin ranar Juma'a, ko a sanar da ni ranar da za a biya. Na gode."

Inda na maƙale shi ne, yarjejeniyar ba ta ambaci tarar jinkiri ba, don haka ba na jin ina da hurumin ƙara ko sisi. Amma akwai aiki na biyu da suka ba ni. In rubuta cewa na dakatar da shi sai an biya, ko in bar wannan sai saƙo na gaba? Kuma manajan da ya ba ni aikin zan tura wa, ko akantan kai tsaye?