Tura uku sun maƙale a walat ɗina, in cike lambar da ta ɓace ko in jira?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Jiya na tura USDT 200 kan Ethereum ga mai kawo mani kaya daga Illela. Shiru, na sake, na kuma sake. Duk ukun suna Pending, `nonce` nasu, wato lambar jerin da kowace turawa ke ɗauka, 42, 43, 44. A Etherscan turawa ta ƙarshe da ta wuce 40 ce, 41 babu ita ko'ina. Mutumin na jirana. In cike 41 ko in bari?

Abu Arkilla: Danna Speed up kawai, wancan satin haka na yi.

Malama Hadiza: Malam Abu, ko ya zuba kuɗin gas nawa kan 42 ba ta motsi. Lambobin bi da bi suke shiga, sai 41 ta wuce. Ga alama ita an yar da ita don kuɗinta ya yi kaɗan. Amma Ɗan Mabera, kada ka yi gaggawa: kana cike 41, ukun nan na iya wucewa a jere, 600 ke nan.

Ɗan Mabera: Innalillahi! To mi zan yi, Malama?

Malama Hadiza: Fara da 44 da 43. Tura wa adireshinka 0 ETH da lambar kowace, ka ɗaga `Max base fee` da `Priority fee` sama da kashi 10 cikin ɗari bisa na tsohuwar turawar, in ba haka ba ka ga `replacement transaction underpriced`. Sannan ka cike 41 da wata 0 ETH. Ban ba ka tabbaci ba, wata na'urar da ke kan Ethereum tana iya riƙe da tsohuwar turawar.

Baban Sadiya: Ni bara da tawa ta maƙale na yi cigiya a fili haka. Wani ya biyo ni ta saƙo, wai ma'aikaci ne, in ba shi kalmomi 12 na sirrin walat ɗina ya gyara. Kafin la'asar ba ko sisi. Kuɗin da nake tara wa auren ƙanwata ne, wallahi har yau ban iya gaya wa tsohuwarmu ba.

Ɗan Mabera: Allah shi mayar maka da alheri, Baba. Yanzu haka mutum biyu sun turo mani saƙo.

Abu Arkilla: Sokewa uku fa tsada, ni na biya kusan naira dubu tara kan guda.

Malama Hadiza: Ranar cunkoso ke nan. Gas 21,000 ne, a gwei 5 ya kama 0.000105 ETH.

Nasiru Runjin Sambo: Layin gidan mai ke nan, na gaba ya tafi salla da makullin mota 😂

Abu Arkilla: Shekara huɗu ina harkar ga, Malama. Ya goge tarihin walat, shi ke nan.

Malama Hadiza: Wannan a wayarshi kaɗai yake gogewa, turawar na nan waje.

Baban Sadiya: Shi ya sa nake cewa ku bar Ethereum. Kuma masu sayen USDT hannu da hannu ma, wa ya taɓa samun alat na bogi? Ni sau biyu cikin watan ga.